Ƙa'idar da ake haddace wa yara kan "present perfect" ita ce ke kayar da su

Duk lokacin da jarabawar WAEC da NECO suka ƙarato, sai gajerun bidiyoyin koyar da Turanci su cika wayoyinmu, masu koyar da ƙarin darasi kuma su fito da tsofaffin takardunsu, kuma kusan dukkansu magana ɗaya suke maimaitawa game da "present perfect": wai ana amfani da shi ne ga aikin da aka gama yanzu-yanzu. Daga nan sai a jero wa yaro "just", "already", "yet", "ever", "since" da "for", a ce duk inda ya ga ɗaya daga cikinsu ya sa "have" ko "has". Wannan koyarwa ta dame ni ƙwarai, domin ba gajeriyar hanya ba ce zuwa gaskiya, kuskure ne da aka yi wa ado, kuma shi ne yake sa ɗalibin da ya shekara shida a sakandare ya rubuta "I have seen him yesterday" yana ganin ya bi doka.

A gwada ƙa'idar da jimla guda. "Nigeria has been independent since 1960" Turanci ne da ba shi da aibi, amma babu wani abu da aka gama yanzu-yanzu a cikinsa, domin lamari ne da ya fara fiye da shekara 60 da suka wuce, kuma bai ƙare ba. A ɗaya gefen, "He left two minutes ago" yana maganar abin da ya faru minti biyu kacal da suka shige, amma duk wanda ya sa "has left" a nan ya yi kuskure. Ke nan kusanci ko nisan lokacin da abu ya faru ba shi ne ma'auni ba. Jerin kalmomin ma bai tsira ba, tunda "He lived there for ten years" da "He has lived there for ten years" duk daidai ne, duk suna ɗauke da "for", kuma ma'anarsu ta sha bamban: na farko ya tashi daga wurin, na biyu yana nan.

Abin da masu wannan koyarwa suka ƙi dubawa shi ne harshen da yaron ya zo aji da shi. Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko yana gudana, ba ta tilasta wa mai magana ya nuna ko lokacin da yake nufi ya rufe ko yana buɗe. "Na ci abinci" yana zama daram shi kaɗai, haka kuma "na ci abinci jiya", ba tare da an taɓa "na ci" ba. Har ma ana iya cewa "kafin ka iso gobe na gama", a yi amfani da siga ɗaya ga abin da bai zo ba tukuna. Turanci kuwa ya raba wannan siga gida biyu, "I ate" da "I have eaten", ya kuma hana na biyun zama tare da "jiya". Ga wata matsala daga ɗaya ɓangaren: abin da ya fara a baya yake kuma ci gaba, Bahaushe da sigar ci gaba yake faɗarsa, kamar "ina zaune a Kano tun 2015". Saboda haka idan ɗalibi ya rubuta "I am living in Kano since 2015", ba daƙiƙanci ya yi ba, tsarin harshensa ya ɗauko ya ɗora bisa kalmomin Turanci, alhali abin da ake so shi ne "I have lived" ko "I have been living". Ɗaliban Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka fara da Faransanci, nasu tarkon ya fi zurfi, domin "j'ai mangé hier" daidai ne a Faransanci, kuma ƙirarsa ta yi kama da "I have eaten" kamar an tsaga kara, sai dai Turanci bai yarda a liƙa masa "yesterday" ba.

Maganin yana kan allo, kuma alli kawai yake buƙata. Tun a 1947 masanin falsafar nan Bajamushe, Hans Reichenbach, ya nuna cewa bayanin lokaci a jimla yana buƙatar wurare uku: lokacin da ake magana, lokacin da abin ya faru, da kuma lokacin da mai magana ya tsaya yake hangen abin. A "simple past" mai magana yakan koma baya ya tsaya inda abin ya faru. A "present perfect" yana tsaye a yanzu, yana waiwaye. Ba sai an ambaci sunan wannan masani ga ɗan aji uku ba, amma za a iya zana masa tunanin cikin minti biyar.

Malami ya ja dogon layi daga hagu zuwa dama, ya sa alama kusa da ƙarshen dama ya rubuta "yanzu". Ya sa ɗigo ya rubuta 1914, shekarar da Legas ta zama babban birnin Nijeriya, ya sa wani ya rubuta 1991, shekarar da aka mayar da babban birnin Nijeriya daga Legas zuwa Abuja. Sai ya zana akwati daga ɗigon farko zuwa na biyu, a rufe ta kowane gefe, ya rubuta a kansa "Lagos was the capital for 77 years." Daga 1991 kuma ya zana wani akwati wanda gefensa na dama ya kai har kan alamar "yanzu", ya bar wannan gefen a buɗe, ya rubuta "Abuja has been the capital since 1991." Tambaya ɗaya ce zai riƙa yi wa aji: shin akwatin ya taɓo "yanzu"? Idan ya taɓo, "have" ko "has" ne. Idan ya rufe kafin nan, "simple past" ne. Daga nan ya nemi su gyara "Lagos has been the capital for 77 years", kuma za su gano da kansu cewa jimlar ba ta karya nahawu ba, ƙarya ta yi, domin tana nufin har gobe Legas ce babban birni. Zanen nan ya warware "since" da "for" ma ba tare da hadda ba: "since" yana nuna ɗigon da akwati ya fara, "for" yana auna tsawon akwatin.

Inda aka fi tuntuɓe, kuma inda zanen ya fi amfani, shi ne a gane cewa akwatin ba lallai ne ya zama tsawon aikin ba. Sau da yawa filin lokaci ne kawai, aikin kuma ɗigo ne a cikinsa. A "I have been to Zinder twice", akwatin shi ne rayuwar mai magana tun haihuwa zuwa yau, tafiye-tafiyen biyu kuma ɗigogi ne da ba a faɗi ranarsu ba, wato abin da muke bayyanawa da "na taɓa". Da zarar an faɗi rana, an zana ƙaramin akwati rufaffe a kan ɗigon, dole a koma "I went to Zinder in 2019." Shi ya sa "When have you come?" ba ya zama, domin mai tambayar "yaushe" rufaffen akwati yake nema, sai dai "When did you come?" Shi ya sa kuma ba a cewa "Tafawa Balewa has visited Washington", ko da yake ya je can a 1961: rayuwarsa ta rufe a watan Janairun 1966, babu akwatin da zai kawo shi yanzu, sai a ce "visited". Haka mutum zai iya cewa "I have drunk two cups of tea this morning" da ƙarfe goma na safe, amma bayan La'asar sai "I drank", don safiya ta wuce. Shayin bai canza ba, yawan kofunan bai canza ba, mai maganar ne ya fita daga cikin akwatin. Ina so a nuna mini yadda ƙa'idar "yanzu-yanzu" za ta bayyana wannan.

Akwai wuri guda da ƙa'idar tasu take kamar ta yi aiki, wato jimloli irin "I have lost my key", kuma daga nan ne aka tsinto ta aka yi mata rawani. Amma ko a nan ba sabuntar abin ce ta jawo "have" ba. Makullin zai iya ɓacewa tun makon jiya. Abin da ya sa aka zaɓi wannan siga shi ne mai magana yana tsaye a bakin ƙofa yanzu ba shi da makulli. A kan allo sai a sa ɗigo a baya, a ja kibiya daga gare shi zuwa "yanzu". Masu karanta labarai da Turanci suna yin wannan kullum: sukan buɗe da "The governor has signed the budget", domin abin da ya shafi mai sauraro shi ne kasafin ya zama doka, sannan jimla ta biyu ta ce "He signed it on Tuesday", domin an shiga bayanin rana. Hausa ma tana ba da taimako a nan idan malami ya yarda ya yi amfani da ita, domin duk inda labari ya shiga jerin "sai suka tashi, suka tafi, suka same shi", to "simple past" ne daga farko har ƙarshe.

Na san masu cewa a daina wahalar da yara da nahawu, wai sauraro da magana kaɗai za su gyara musu baki. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa shiga ajin da malami ne kaɗai tushen Turancin yara ba, kuma shi ma malamin da ƙa'idar nan aka rene shi. Wasu kuma sukan fake da cewa Amurkawa suna cewa "I just ate" da "Did you eat yet?", don haka bambancin ba shi da muhimmanci. Gaskiya ne suna faɗin haka, amma sassaucin nasu ta gefe ɗaya yake: sukan sa "simple past" inda Bature ɗan Ingila zai sa "have", amma babu Ba'amurken da zai karɓi "I have seen him yesterday" ko "I am here since Monday" a rubutu, kuma waɗannan su ne ainihin kurakuran 'ya'yanmu. Mai duba takardar jarabawa ma ba zai karɓa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake hana malami ambatar Hausa a darasin Turanci, a wasu makarantun har da tara ga yaron da ya yi, alhali a wannan babi kwatanta harsunan biyu shi ne rabin aikin. Yaron da aka nuna masa cewa "ina nan tun Litinin" da "na zo Litinin" suna buƙatar zane biyu daban ya riga ya fahimci abin da haddar kalmomi shida ba za ta ba shi ba. Kwalejojin ilimi su ne ya kamata su fara, su daina yaye malaman da ba za su iya zana layin lokaci ba, masu rubuta littattafan sakandare kuma su goge jimlar "yanzu-yanzu" daga bugu na gaba. Kafin a kai ga haka, duk malamin da zai gyara "have" a littafin ɗalibi, maimakon jan biro kawai, ya sa yaron ya zana akwatin jimlarsa a gefen shafi ya nuna masa inda ya rufe.