Takardar da kafe ya ba ka, rasit ce ko takardar neman biya?

Ƙannena masu shirin rajista a makarantun Zariya, akwai wata takarda da ke ruɗin mutane kowace shekara, kuma ta taɓa ruɗin gidanmu har muka biya kuɗin makaranta sau biyu. Tana da tambari a sama da sunanka da adadin kuɗi da wata doguwar lamba, duk wanda ya gan ta zai rantse rasit ce. Alhali abin da take cewa kawai shi ne ana bin ka wannan kuɗi.

Ɗan yayata ne ya samu gurbin karatu. Mahaifiyarsa ta haɗa kuɗin da ƙyar, rabi daga adashi, ta damƙa masa. Ya tafi wani shagon intanet a Samaru, irin waɗanda ake cika maƙil lokacin rajista, janareta na ta ƙara, mutum biyar na jiran kujera ɗaya. Yaron shagon ya shiga shafin makarantar, ya ciro masa lambar biya, ya buga takarda ya miƙa masa, ya karɓi kuɗin a hannu. Ya ce sabis ba kyau yanzu, zai tura da yamma. Ɗan namu kuwa ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya dawo gida yana murna. Da na tambaye shi sai ya ce, "Kawu, an gama, ga ma rasit ɗin." Ni ma ban karɓa na duba ba, wannan laifina ne.

Sai bayan mako uku, da ya zo rajistar kwasa-kwasai, shafin ya ƙi buɗe masa. Muka je ofishin kuɗi tare. Ma'aikacin ya kalli takardar sau ɗaya ya turo mana ita. "Malam, wannan ai ta neman biya ce. Ina rasit ɗin?"

Ga yadda abin yake. Makarantun gwamnatin tarayya da hukumomi da dama suna karɓar kuɗi ta wata kafar biya ta intanet da ake kira Remita. Kafin ka biya, ana ciro maka lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR, galibi a rubuce huɗu-huɗu da ɗan layi a tsakani. Lambar nan tana ɗaure da sunan mai biya da abin da za a biya da adadinsa. Ana samun ta tun ba a biya ko kwabo ba, kuma kowa zai iya buga ta a takarda. Sai ka kai ta banki, ko ka biya da kati ko ta manhajar bankinka, sannan matsayinta ya sauya zuwa wadda aka biya. A lokacin ne rasit na gaskiya ke fitowa, mai ɗauke da ranar da kuɗin ya shiga. Lambar da ke kan takardar farko ita ce dai a kan ta biyu, shi ya sa ido ke yaudarar mutum.

Aka duba lambarmu a gabanmu, ba a biya ba. Muka koma shagon, yaron ya bar aiki. Mai shagon ya buɗe wani littafi ya ce bai ga sunan ɗanmu ba, kuma a gaskiya ba mu da abin da za mu ɗora masa a tebur: kuɗi aka ba da hannu da hannu, ba alat, ba ko ɗan rubutu da sa hannu. Har yau ban san ko cinye kuɗin aka yi ko kan lambar wani aka zuba su cikin hayaniya ba. Mun tafi da haushinmu, muka sake haɗa kuɗi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne bincikar lambar nan ba ya cin minti biyu. A shafin Remita akwai wurin duba matsayin biya, ka rubuta RRR ɗinka ka gani da idonka ko an biya, in an biya kuma ka sake buga rasit ko bayan takardar ta ɓace. Da ɗanmu ya yi haka da daren ranar a wayarsa, da washegari da safe yana bakin shagon, yaron na nan, maganar ba ta huce ba. Don haka in dole sai wani ya biya maka, kada ka tashi daga kujerar sai ka ga lambar ta nuna an biya. In ya ce sabis, karɓi kuɗinka da takardarka ka wuce banki da kanka. Kuma kafin ka biya, karanta sunan da adadin da suka fito a kan lambar. In sunan wani ne, kuɗin wani kake shirin biya.

Karo na biyu ni na raka shi. Muka biya, muka karɓi rasit, muka ɗauke shi hoto tun a wurin. Ikon Allah, da muka buɗe shafin makarantar da daddare sai ya ce har yanzu ba a biya ba. Gaban yaron ya faɗi. Amma wannan matsalar daban ce da ta farko. Kuɗi ya shiga, labarin ne bai iso shafin makarantar ba, kuma hakan na faruwa in jama'a sun yi yawa. Mun gane haka ne saboda lambar ta nuna an biya a wurin da aka karɓi kuɗin. Da safe ya kai lambar da rasit, aka sake tambayo matsayinta a kwamfuta, shafin ya buɗe kafin azahar. Mutane da yawa a daidai nan suke firgita su ciro sabuwar lamba su sake biya, su bar kansu da zaryar neman a dawo musu da kuɗi. Muddin asusunka ya nuna an cire kuɗi, kada ka ciro wata RRR, riƙe ta farkon ka bi sawunta.

In ta manhajar banki ka tura kuɗi, alat ɗin da ya shigo wayarka bai isa hujja ba, don abin da yake shaidawa kawai kuɗi ya fita daga asusunka. Buɗe rasit ɗin cikin manhajar ka adana shi, akwai wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake rubuta wa Session ID, da ita banki ke bin kuɗin da ya maƙale a hanya. In kuma wurin mai POS ne, ka san 'yar siririyar takardar nan ba da tawada ake buga ta ba, zafi ne ke fito da rubutun. Ka bar ta a aljihu ko a walat cikin zafin Afrilu na garin nan, bayan 'yan watanni za ka ciro farar takarda. Na ga wanda ya so ya kyautata mata ya kai a liƙe ta da leda a injin mai zafi, ta fito baƙa ƙirin. Hoto za ka ɗauka nan take, sannan ka yi mata fotokwafi.

Saura fom ɗin kansa, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Rasit na kare ka a maganar kuɗi, amma ba ya faɗin abin da ka cike. Ranar da aka ce ranar haihuwarka a fayil ba ta yi daidai da ta NIN ɗinka ba, ko aka ce ba ka yi rajistar wani kwas ba alhali ka zauna jarrabawarsa, tambayar farko ita ce me ka tura. Ɗauki wanda aka haifa ranar 4 ga Nuwamba. Wani shafin yana son rana kafin wata, wani kuma wata kafin rana. Mai buga maka yana sauri ya sa 11/04 inda ake son 04/11, sai ka koma ɗan 11 ga Afrilu ba ka sani ba. In kana da kwafin abin da aka tura, za ka ga kuskuren a makon farko, lokacin da gyara bai wuce takarda ɗaya ba. In kwafin naka daidai yake kuma nasu ne ya bambanta, to kana da abin nunawa. Wanda ba shi da kwafi sai rantsuwa, ofis kuwa ba ya aiki da wallahi.

Yadda ake yi ba wuya. Kafin a danna Submit, ka jawo kujera ka karanta layi-layi: jerin sunayenka, ranar haihuwa, lambar waya, imel. Ka tabbata wayar da imel ɗin naka ne, don wasu masu kafe nasu suke sakawa don sauri, sai duk saƙon tabbatarwa da na sauya kalmar sirri ya riƙa zuwa musu. Bayan an tura, shafin da ya fito da lambar tabbatarwa kada a rufe shi. A kwamfuta a danna Ctrl+P, a wurin zaɓar firinta a zaɓi Save as PDF, a tura maka fayil ɗin, sannan a buga na takarda. Wasu shafukan sau ɗaya suke nuna wannan, wasu kuma da an rufe rajista ba ka sake ganin fom ɗin. Da fayil ɗin ya iso wayarka, ka sa a goge shi daga kwamfutar shagon, don bayananka ne a ciki.

Hoton fuskar waya yana taimakawa, sai dai yakan yanke ƙasan shafi inda kwanan wata yake, kuma in aka yi ta tura shi a WhatsApp a matsayin hoto yana dusashewa har 3 ta yi kama da 8. A tura shi a matsayin fayil. Kuma waya ɗaya ba ma'ajiya ba ce, tana faɗawa ruwa, ana zare ta a tashar Kwangila. Tura wa kanka ta imel, ka sa wa saƙon suna da za ka iya nema bayan shekara uku, kamar kuɗin makaranta da shekarar, ka kuma rubuta lambar da biro a bayan wani littafi da ba ya barin gida.

Kada ka zubar da su don zango ya ƙare. A makarantu da yawa, ranar da ka gama kana zagayen neman sa hannu kafin a ba ka sakamako, ana iya cewa ka kawo rasit na kowace shekara tun daga ajin farko. Ɗan yayata yanzu yana aji uku. Takardunsa na cikin wani koren fayil na roba a ƙasan akwatin mahaifiyarsa, kowace shekara da nata ƙulli. Waccan takardar ta farko ma tana ciki, ya rubuta mata "ba a biya ba" da jan biro a sama don kada wata rana ya ɗauko ta da kuskure.