Kada a kashe laftof ɗin da ake zargin an yi wa kutse

Akwai wani kuskure da nake yawan gani a wurin waɗanda suka shigo aikin tsaron kwamfuta kwanan nan, kuma ni ma na taɓa yin sa a shekarata ta farko. Wani ma'aikaci ya kira ni hankalinsa a tashe, ya ce kwamfutarsa tana yin abin da bai sa ta ba, ni kuma na ce masa ya danne maɓalli ya kashe ta nan take. A zatona na yi dabara. Da babban mai binciken sashenmu ya zo, tambayar farko da ya yi mini ita ce ko na'urar tana kunne, kuma da na ce a'a sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Daga baya na gane cewa da hannuna na goge mafi yawan shaidar da za ta nuna mana abin da mai kutsen ya yi. Tun daga ranar ra'ayina bai sauya ba: aikin farko na ƙaramin mai bincike shi ne ya raba na'urar da netwok, ya bar ta a kunne, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma sanar da na gaba da shi. Gyara da gogewa suna da lokacinsu, amma lokacin bai yi ba tukuna.

Masu wannan aiki sun daɗe da tsara shi mataki-mataki. Takardar hukumar NIST ta Amurka mai lamba SP 800-61, a gyaranta na biyu na shekarar 2012, ta kasa shi gida huɗu: shiri, sai ganowa da nazari, sai killacewa da kawarwa da farfaɗowa a haɗe, sannan bitar abin da ya faru bayan ƙura ta lafa. Cibiyar SANS kuma tana koyar da matakai shida, domin ta ware killacewa da kawarwa da farfaɗowa kowanne da kansa. A shekarar 2025 NIST ta fitar da gyara na uku wanda ya sauya fasalin bayanin, amma jerin aikin a aikace yana nan yadda yake. Ban damu da ko mutum ya haddace huɗu ko shida ba. Abin da ya dame ni shi ne ya san a wane mataki yake tsaye, domin ƙaramin mai bincike kusan kullum yana tsakanin ganowa da killacewa ne, kuma ɓarnar da yake yi takan zo ne idan ya yi tsalle ya faɗa kawarwa.

Bari in kawo misali a bi shi daki-daki. A ce da ƙarfe 9:40 na safe wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ta kira ta ce ta buɗe wani fayil da ya zo mata ta imel, wanda aka ce takardar neman biya ce. Fayil ɗin yana cikin ƙunshin ZIP, kuma da ta danna shi babu takardar da ta buɗe, sai dai wata baƙar taga ta ɗan bayyana ta ɓace. A daidai lokacin, manhajar EDR, wato wadda ke sa ido a kan abin da ke gudana cikin kwamfutocin ma'aikata, ta tura gargaɗi cewa an tayar da `powershell.exe`, wato shirin ba da umarni na Windows, da zaɓin `-enc`, wanda ake amfani da shi a ba da umarni a lulluɓe cikin Base64. Wannan kaɗai ba hukunci ba ne, domin masu kula da kwamfutoci ma sukan yi amfani da shi a halal. Amma idan aka haɗa shi da labarin ma'aikaciyar, da kuma cewa fayil ɗin da ta danna sunansa ya ƙare da `.lnk`, wato gajeriyar hanya ce da ke iya tayar da wani shiri ba takarda ba, zargi ya yi ƙarfin da ya isa a ɗauki mataki ba tare da jiran cikakken tabbaci ba.

Kalmomin farko da za a gaya mata suna da muhimmanci. A ce mata ta ɗaga hannunta daga kwamfutar, kada ta kashe ta, kada ta rufe murfinta, kada ta goge imel ɗin, kuma ta jona caja domin kada batir ya ƙare. A kuma gode mata da ta kira da wuri. Wannan godiyar ba ladabi ce kawai ba, domin wanda aka yi wa faɗa a irin wannan lokaci yakan ɓoye rabin labarin, kuma rabin da ya ɓoye shi ne ake bukata. A tambaye ta ƙarfe nawa ta danna, ko ta shigar da kalmar sirri a wani shafi, ko ta tura wa wani fayil ɗin, ko akwai filashi a jikin na'urar.

Sai killacewa. Idan ma'aikatar tana da EDR, mafi kyau shi ne a killace na'urar ta allon kulawar EDR ɗin, saboda hakan yana yanke ta daga komai ya bar hanya ɗaya tak zuwa ga masu bincike, ta yadda za su iya ci gaba da dubawa daga nesa. Idan babu, sai a zare wayar netwok a kashe Wi-Fi, a kuma tabbatar ba ta jone da intanet ɗin wayar hannu ba. Na san akwai masu cewa yanke netwok yana sanar da mai kutse cewa an gan shi, kuma yana rufe haɗin da ake so a gani. Maganarsu tana da gaskiya a cikinta, kuma akwai lokacin da manyan masu bincike ke barin na'ura a jone da gangan domin su bi sawu. Sai dai wannan shawara ce ta wanda ke da ikon ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya. Ƙaramin mai bincike ya bi abin da rubutaccen tsarin ma'aikatarsa ya ce, kuma a mafi yawan wurare abin da ya ce shi ne a killace.

Dalilin barin na'urar a kunne yana cikin wata tsohuwar takarda, RFC 3227 ta shekarar 2002, wadda ta ce a tattara shaida daga wadda ta fi saurin ɓacewa zuwa wadda ta fi daɗewa. Abin da ke cikin RAM yana gaba-gaba a wannan jeri. A can ne ake samun shirye-shiryen da ke gudana, da umarnin da aka ba su bayan an warware lulluɓin, da adireshin da suke magana da shi, wani lokaci har da makullan ɓoye bayanai. Akwai miyagun manhajoji da ba sa ajiye kusan komai a faifai, a cikin RAM kaɗai suke zaune, kuma da zarar wuta ta ɗauke sun tafi da labarinsu. Ga kuma wata matsalar: idan faifan a kulle yake da BitLocker, manhajar Windows ta kulle faifai, kashe na'urar yana nufin sai an nemo makullin ceto kafin a iya karanta kwafin faifan da aka ɗauka, kuma ba kullum ake samunsa a inda ake zato ba.

Wannan ƙa'ida tana da iyaka. Idan ana kallon fayiloli suna sauya suna ɗaya bayan ɗaya, alamar manhajar neman kuɗin fansa tana kulle su, kuma babu yadda za a yi a raba na'urar da netwok, to kashewa ta fi barin wutar ta ci sauran kwamfutoci. An yi asarar shaida, amma an san abin da aka saya da ita.

Bayan killacewa, da misalin ƙarfe 9:50 a misalinmu, sai a buɗe tikiti a rubuta. Sunan na'ura, sunan asusun mai amfani da ita, lokacin gargaɗi, lokacin killacewa, wanda ya yi, da abin da ma'aikaciyar ta faɗa da bakinta. A rubuta lokaci tare da yankinsa, ko a mayar da komai UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, domin na ga bincike ya ɓata awa guda cur ana neman abu a inda ba ya nan saboda agogon saba, wato babbar kwamfutar ma'aikata, da na laftof sun bambanta. A raba abin da aka gani da abin da ake zato. "An ga PowerShell ya tashi da 9:38" magana ce da za a iya tsayawa a kanta, amma "an sace bayanai" zato ne har sai an gani. Daga nan a kira na gaba, kuma idan ana zargin akwatin imel ɗin ma an shige shi, a kira ta waya, kada a rubuta a inda mai kutse zai iya karantawa.

Idan an ba shi izini kuma an koya masa, mai binciken zai ɗauki kwafin RAM da manhaja irin su WinPmem ko FTK Imager, ya ajiye a faifan waje mai tsabta. Laftof mai RAM na gigabait 16 zai ba da fayil mai kusan wannan girman, don haka a tanadi wuri tun kafin ranar. Sai bayan an gama wannan ne za a duba abin da ke gudana, a kuma ɗauki hatimin kwafin RAM ɗin, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, domin a iya tabbatar da cewa bai sauya ba:

```
netstat -ano
tasklist /v
Get-FileHash E:\mem.raw -Algorithm SHA256
```

Na farko yana nuna haɗin netwok tare da lambar shirin da ke riƙe da kowanne, na biyu yana nuna sunan shirin mai wannan lambar. Kowane umarni da aka buga yana barin sawunsa a na'urar, shi ya sa ake rubuta shi da lokacinsa, kuma shi ya sa ba a buga wanda ba a bukata.

Abubuwan da hannu ke ƙaiƙayin yi su ne ya kamata a kiyaya. Kada a sa antibairos ya share komai, domin zai iya ɗauke fayil ɗin da ake so a nazarta. Kada a shiga na'urar da asusun babban mai kula da netwok, saboda hakan tamkar miƙa wa ɓarawo makullin gida ne gaba ɗaya. Kada kuma a ɗora fayil ɗin a VirusTotal, shafin intanet da ke duba fayilolin da ake zargi, kai tsaye, domin abin da aka ɗora wasu suna iya saukewa, kuma yana iya ƙunsar sirrin ma'aikata. A nemi hatiminsa na SHA-256 a can tukuna.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne asusun ma'aikaciyar. Killace laftof ba ya dawo da abin da ya riga ya fita, kuma tsakanin 9:38 da 9:50 akwai minti 12, wanda ya ishi manhajar satar bayanai ta kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza da kukis ɗin shiga, wato ƙananan bayanan da ke nuna wa shafi cewa mutum ya riga ya shiga. Da waɗannan kukis mai kutse zai iya shiga imel ɗinta daga tasa na'urar ba tare da an tambaye shi lambar tabbatarwa ba. Saboda haka a sauya kalmar sirrinta daga wata na'ura mai tsabta, a kuma soke duk zaman da ke buɗe a asusun, a duba ko an ƙirƙiri wata ƙa'idar tura imel zuwa waje. Sannan a bincika wa da wa suka karɓi wannan saƙon, domin da wuya a ce mutum ɗaya aka aika wa. Idan binciken ya nuna wasu mutum 14 sun karɓa kuma 2 daga cikinsu sun danna, to laftof uku ne ke gaban mai binciken yanzu, kuma sauran biyun ma za a kira masu su a gaya musu kada su kashe, kada su rufe murfi.