Batirin silikon: a gaya mana shekarunsa, ba girmansa kaɗai ba

Tun da kamfanonin waya na China suka fara sa batirin silikon da kabon, tallan ya cika mana kunne: waya siririya, batir mai 6,000 mAh, wai silikon ya ninka girafait, nau'in kabon da aka saba sawa a batir, sau goma wajen riƙe caji. Abin da ke ɓata mini rai shi ne rabin maganar da ake haɗiyewa.

Ninkin goman gaskiya ne, amma a kan takarda. A cikin girafait, sai ƙwayoyin kabon shida sun haɗu kafin su riƙe ƙwaya guda ta litiyam, sinadarin da ke ɗaukar caji a batir, shi ya sa iyakarsa 372 mAh a kowane giram. Ƙwayar silikon guda kuwa tana ɗaukar litiyam kusan huɗu, shi ya sa silikon ke kaiwa wajen 3,579 mAh a kowane giram. Sai dai girafait ajiye litiyam yake a tsakanin shimfiɗunsa, ya kumbura da kusan kashi 10 cikin 100. Silikon cuɗewa yake da litiyam ɗin ya zama wani abu dabam, ya kumbura da kusan kashi 300, ya sake motsewa idan caji ya sauka.

A nan ciwon yake. A cajin farko wani siririn ɓawo yana samuwa a jikin anod, wato ɓangaren batir da ke ajiye litiyam idan an yi caji, kuma da litiyam da ruwan batir ake gina shi. A jikin girafait ɓawon yana zama lafiya. A jikin silikon kowace kumbura tana tsaga shi, kamar yaɓen laka a jikin bangon da ke motsi, sai a sake cin litiyam a yi sabon yaɓe. Wannan litiyam ya tafi ke nan. Wasu gutsattsarin silikon ɗin ma dagargajewa suke, su rabu da hanyar lantarki.

Mu yi lissafi. A ce batir yana asarar kashi 0.1 cikin 100 kacal na litiyam ɗinsa a kowane caji. Bayan caji 500, wato ƙasa da shekara ɗaya da rabi ga mai caji kullum, abin da ya rage bai wuce kashi 61 ba. Zafi kuma yana ƙara wa ɓawon saurin kauri, ga shi mu a Sakkwato da Maiduguri zafin Afrilu yana haura digiri 40.

Masu cewa an gama da matsalar tunda an niƙa silikon ya yi laushi an ɓoye shi cikin ramukan kabon, su fara bayyana mana dalilin da ya sa har yau girafait ne mafi yawa a anod ɗin galibin batiran nan. Niƙawa tana hana fashewa, amma tana ƙara faɗin jikin da ɓawo zai rufe.

Ba na ƙin silikon. Ƙarin da yake bayarwa na gaske ne. Amma duk wanda zai rubuta 6,000 mAh a kwali, to ya rubuta kason silikon da ya zuba, da abin da zai rage bayan caji 800 a zafi irin namu.