Takardar da ta mayar da ni attajiri kafin la'asar

Takardar ɗaukar aikina ta iso gidanmu ina can Kantin Kwari ina taya wani abokina jiran shago. Ƙanena ne ya karɓa, kuma shi ambulan ba ta kwana a rufe a hannunsa. Ya buɗe, idonsa ya sauka a kan naira 1,800,000, ya tsaya nan. Abin da ke gaban lambar, wato "a shekara", bai ga dalilin wahalar da kansa da shi ba. Ya shiga tsakar gida ya yi shela cewa Yaya zai riƙa ɗaukar kusan miliyan biyu duk wata.

Kafin in dawo, Inna ta riga ta aika a sayo kaji. Maƙwabcinmu da bai taɓa amsa sallamata da kyau ba ya tare ni a zaure da "Ranka ya daɗe". Mai shayin bakin layi, wanda ke bi na bashi, cewa ya yi in bar maganar, ai mun zama ɗaya.

Na zauna na karanta takardar daga sama har ƙasa. Kamfanin rarraba kayan masarufi ne, aikin kuma kula da sito. In aka raba kuɗin nan gida 12, naira 150,000 ke nan a wata, kuma wannan kafin a taɓa shi ne. An yanka shi kashi-kashi: ainihin albashi, kuɗin gida, kuɗin mota, da wasu ƙananan alawus. Ukun farko sun haɗu sun ba da 120,000, kuma a kansu ake lissafin fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani ya zuba 10, don haka naira 9,600 ta tafi tun ban gan ta ba. Haraji ya ɗebi nasa. Abin da zai faɗo asusuna bai cika 130,000 ba.

Na yi wa Inna wannan lissafi a hankali. Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka ce ba ka son a sani." Har yau tana ganin ɓoyewa nake yi saboda baki.

Sakin layi na gaba ya fi ɗaga mini hankali. Wata shida na gwaji, kuma a cikinsu ko ni ko su, kowa na iya sallamar ɗan'uwansa da sanarwar mako guda. Cikar wata shidan ma ba ita ce tabbatarwa ba, sai sun rubuto wata takardar daban, in kuma ba su gamsu ba suna iya ƙara wa'adin. Wato mutumin da unguwa ke shirin naɗa wa rawani, mako guda ya isa a dawo da shi jiran shago.

Ayyukan kuwa an jera su tsaf: ƙirga kayan da suka shigo, rubuta waɗanda suka fita, kai rahoto duk Juma'a. Sai layin ƙarshe, "da duk wani aiki da shugabanka ya ba ka". Wannan layin ne daga baya ya kai ni sayo wa manaja awara.

A can ƙasa akwai 'yar takardar amincewa, an ja mata layin ɗige-ɗige inda za a yage. Suna, sa hannu, kwanan wata, a mayar cikin kwana bakwai, in ba haka ba tayin ya tashi. Na ajiye takardar a kan talabijin da niyyar in sa hannu da safe.

Da safe babu ita. Kawu ya zo taya murna, ya ce takarda mai daraja irin wannan ba a barin ta haka, ya kai ta shagon masu kwafi aka manne ta cikin leda. Ya miƙo mini tana ƙyalli kamar katin biki. Na ɗora biro, biro ya zame. Na canza wani, shi ma ya zame. Na ce, "Kawu, ai sai na sa hannu na mayar musu." Ya ce, "Su da suka ba ka aiki, ba su yarda da kai ba ne?"

Haka na ɗauke ta zuwa ofishin. Matar da ke kula da ma'aikata ta juya ta gaba da baya, ta ƙwanƙwasa ta a tebur, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Da suka gama dariya ta buga mini wata, ta ce, "Malam, sa hannu nan a gabana, kada ta sake zuwa gida." Ta yage nata ɓangaren, ta ba ni nawa.

A hanyar dawowa mai shayi ya tsayar da ni. Labarin rabawa gida 12 ya riske shi, ya ce bashin nan dai, in da hali, kafin Juma'a.