Komai ruwan da ka zuba wa asid, pH ɗinsa ba zai haura 7 ba

"Na lissafa pH na HCl mai ƙarfin 10⁻⁸ M ya ba ni 8, kenan asid ɗin ya koma alkali?"

A'a, bai koma ba, kuma ɗalibai da yawa nan suke faɗawa. Wasu ma har juya maganar suke, wai asid ɗin da aka tsinka sosai ba ya sauka ƙasa da 7, alhali a ƙasa da 7 ɗin yake zaune, haurawa sama ce ba zai iya ba.

Matsalar ita ce an manta da ruwan. Shi kansa ruwa zalla yana sakin H⁺ nasa, kusan 10⁻⁷ M a 25°C, shi ya sa pH ɗinsa yake 7. In asid ɗin mai kauri ne kamar 0.01 M, na ruwan bai taka kara ya karya ba, sai ka yi watsi da shi ka samu pH 2 lafiya lau, amma a 10⁻⁸ M abin da ruwan ke bayarwa ya ninka na asid ɗin kusan sau goma, to ta yaya za ka share babban ka riƙe ƙaramin?

Ka kira jimillar H⁺ ɗin x. Daidaiton caji ya ce OH⁻ zai zama x − 10⁻⁸, kuma in ka ninka H⁺ da OH⁻ dole su ba da 10⁻¹⁴:

```
x(x − 10⁻⁸) = 10⁻¹⁴
```

In ka warware, x zai fito 1.05 × 10⁻⁷, wato pH kusan 6.98. Ƙara ruwa kuma sai dai ya ƙara matsawa kusa da 7. Don haka da zarar asid ya yi ƙasa da 10⁻⁶ M, ka sa ruwan cikin lissafi.