Waƙar baƙaƙe a ajin yaƙi da jahilci: gara a sassauta doka da a karya Hausa

Ina koyar da manyan mata karatu da rubutu da yamma a cikin birnin Kano, kuma a bana na shirya musu waƙar baƙaƙe, wato waƙar da kowane layinta kalmominsa suke farawa da harafi ɗaya, layi na gaba kuma ya ɗauki harafin da ke biye. Tsarin ba baƙo ba ne ga mutanen Kano, domin wanda ya saba jin Ishiriniya ya san an jera ƙasidunta ne bisa haruffan Larabci, sai dai a can harafin yana zuwa a amsa-amo, a nan kuwa a farkon kalma.

Kuskuren da na fara gani a hannun wani abokin aikina shi ne bin jerin Turanci, har ya tsaya yana neman kalmar da za ta cike layin P da Q da V da X, alhali Hausar boko ba ta da su. Abin da muke da shi, wanda ya tsallake, shi ne Ɓ da Ɗ da Ƙ da 'Y, sai kuma Sh da Ts waɗanda ake lissafa su a matsayin haruffa masu zaman kansu. Ga yadda tawa ta fara:

Audu ango, Asabe amarya.
Baba Bala bai bar Bichi ba.
Ɓera, ɓarawon ɓawon ɓaure.
Cinnaka, ciji cinyar Cindo.
Dauda, dafa dawa da doya.
Ɗanladi, ɗebo ɗanyen ɗata.

Wanda ya lura zai ga babu layi ko ɗaya a cikinsu da ke ba da labari kai tsaye, kuma dalilin yana cikin nahawun Hausa. Aikatau a Hausa yana buƙatar ɗan wakilin suna a gabansa, kamar "ya" ko "ta" ko "sun", saboda haka ba za a iya cewa Dauda ya dafa dawa a layin D ba tare da "ya" ta shigo da harafin Y ba. Mafita uku na samu: umarni, kamar a layin C da D da Ɗ, jumla marar aikatau, kamar a layin A da Ɓ, sai korewa, wadda ta yi wa layin B daidai domin "bai" da "ba" duk nasa ne. A wasu haruffan kuwa matsalar ba ta tasowa, tunda wakilin sunan ɗan gida ne: "Talatu ta tafi Tarauni", "Su Sani sun sayi sabulu", "Yaro ya yi yawo yau".

Inda dabarun nan suka ƙare, ra'ayina shi ne a bar ƙananan kalmomi irin su "ya" da "a" da "na" su shiga, a rubuta su da alli mai launi dabam don ɗaliba ta san ba su cikin lissafi. Na ga wanda ya rubuta "Garba gina gida goma" yana nufin ya gina, don kawai kada doka ta karye, sai jumlar ta koma umarni, ma'anar ta sauya. Matar da ta haifi 'ya'ya ta aurar ta fi malamin sanin yadda ake faɗar magana, kuma idan allo ya nuna mata Hausar da ba ta taɓa ji ba, sai ta ɗauka karatun nata ne ya kuskure. Haka nan layin E da na O: kalmominsu kaɗan ne, yawancinsu aro, irin su eka da edita, ofis da oda da Oktoba, don haka na bar su gajeru maimakon in ƙirƙiro abin da ba a faɗa.

Wurin da ba na sassautawa shi ne inda ido yake yaudarar kunne. "Sani sha shayi" a ido duk S ne, amma a baki sautuka biyu ne, kamar yadda "tsakar" ba ta da gurbi a layin T. Dalilin waƙar ke nan tun farko, wato harafi ɗaya ya tsaya wa sauti ɗaya.

Haddar waƙar ba ta nuna an iya karatu, domin matan nan sun fito daga makarantar allo da kaifin hadda, cikin kwana biyu suna rera ta ba tare da duban allo ba. Saboda haka nakan goge harafin farko na kowace kalma in ce a mayar, ko in yi shifta da kalmomin da ba su cikin waƙar, kamar kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka. A makon jiya wata dattijuwa da ta fi kowa rerawa ta rubuta "baure" babu lanƙwasa, na ce ta karanta abin da ta rubuta da ƙarfi. Ta karanta, ta yi dariya, ta ce, "Malam, wannan ai ba ya cin miya, ba ya cin tuwo," sannan ta ɗauki alli ta lanƙwasa kan harafin.