Katin da aka ƙi karɓa ba lallai ne babu kuɗi a ciki ba

"Asusuna da kuɗi, amma an ce biyan kuɗin rajistata na wata-wata bai shiga ba. Kamfanin ne ya toshe ni?"

Sau da yawa hukuncin ba na kamfanin ba ne. Bankin da ya ba da katin shi ne yake amincewa ko ya ƙi, kuma yana mayar da lamba mai bayyana dalili. Lamba 51 tana nufin kuɗi bai isa ba, 54 tana nufin wa'adin katin ya ƙare, ita kuwa 05 ƙi ce da banki bai faɗi dalilinta ba, wadda sau da yawa take fitowa daga zargin zamba. Haka kuma katin naira yana iya cin karo da iyakar da banki ya sa wa sayayya da dala, ko da asusun cike yake.

Bambancin dalilan nan shi ne tushen jadawalin da kamfani yake bi wajen sake gwada cire kuɗin bayan an ƙi karɓar katin. Idan an nemi cire kuɗi ranar 25 ga wata aka samu 51, sake gwadawa bayan minti goma ɓata lokaci ne. Amma gwaji bayan kwana 3, sannan bayan mako guda, yana iya dacewa da shigar albashi, kuɗin ya fita ba tare da mai katin ya yi komai ba. Katin da ya ƙare ko aka ba da rahoton sace shi kuwa, jira ba ya gyara shi, sai an shigar da sabo. Nacewa a kansa ganganci ne, domin Visa da Mastercard suna cajin 'yan kasuwa a kan gwajin da ya wuce ƙa'ida.